Faransanci cikin rigar Ingilishi: sharhi a kan wani taƙaitaccen tarihin marubuci

1. Gabatarwa

Duk malamin da ya aika maƙala zuwa wani taron ƙasa da ƙasa, akan buƙaci ya haɗa da ƴan layuka cikin Ingilishi waɗanda ke bayyana ko shi wane ne da abin da yake bincike a kai. Wannan ɗan rubutu muke kira taƙaitaccen tarihin marubuci. Ga wanda ya yi karatunsa cikin Faransanci, kuskuren nahawu ba shi ne babbar matsala ba, domin littafin nahawu yana kama shi. Matsalar ita ce jimlar da kowace kalma a cikinta Ingilishi ce, amma mai harshen ba zai taɓa faɗin ta haka ba. A shekarar 1983 Pawley da Syder sun nuna cewa daga cikin jimloli masu yawa da nahawu ya halatta, kaɗan ne masu harshe suke zaɓa a zahiri. A nan za mu duba matani guda domin mu nuna yadda ake gane jimlar da ba ta cikin wannan zaɓi.

2. Matanin

Wani abokin aiki ne ya rubuta shi, ya kuma ba mu iznin amfani da shi bayan mun cire sunaye. Mun sa wa jimlolin lamba.

(1) The undersigned is titular of a doctorate in linguistics, sustained in 2015.
(2) He is actually teacher-researcher and assures the courses of phonology.
(3) He has effected several missions on the terrain in view of the realisation of an inquiry on the dialects of Hausa.
(4) He has had the distinguished honour of participating in numerous colloquia.
(5) He leaves no stone unturned to bring his stone to the edifice of science.

Mai karatun da ya san Faransanci zai fahimci matanin nan take, kuma a nan haɗarin yake. Yana fahimtar sa ne saboda yana jin Faransancin da ke ƙarƙashi. Saboda haka gwajin farko da muke ba da shawara shi ne na mayarwa: a ɗauki kowace jimla a mayar da ita Faransanci kalma bayan kalma, ba tare da an sauya tsari ba. Idan ta fito Faransanci mai kyau ba tare da wahala ba, to abin tuhuma ce.

3. Kalmomi masu yaudara

Jimla ta (1) da ta (2) suna komawa Faransanci kamar ba su taɓa barin gida ba: « titulaire d'un doctorat soutenu en 2015 », « actuellement enseignant-chercheur », « assure les cours ». Waɗannan su ne kalmomin da Koessler da Derocquigny suka kira abokan ƙarya tun 1928, watau kalmomin da suka yi kama a harsunan biyu amma ma'anarsu ta rabu. Hausawa na cewa kama da wane ba wane ba ne.

Kalmar « titular » ta fi sauran ɓarna. A Ingilishi ana amfani da ita ga wanda ke riƙe da muƙami a suna kawai, ba shi da iko a hannu. Marubucin yana son ya ce ya mallaki digirin dakta, sai ya zaɓi kalmar da ke sa shakka a kan mallakar. « Actually » kuwa ba ta nufin « a halin yanzu ». Tana nufin « a gaskiya », kuma ana kawo ta ne idan za a gyara zaton da wani ya yi. Jimla ta (2) sai ta zama kamar amsa ga wanda ya yi musun cewa shi malami ne. Aikatau « sustain » yana tafiya da rauni ko asara ko ɗorewar abu, ba da kundin bincike ba, wanda ake cewa « defend ». Shi ma « assure » mutum ake yi wa, ana kwantar masa da hankali. Darasi dai « teach » ake yi.

Wannan rukuni shi ne mafi sauƙin magani. A ja layi ƙarƙashin duk kalmar da ta yi kama da ta Faransanci, a duba ta a ƙamus na Ingilishi zalla, a karanta misalan da aka bayar. Ƙamus mai harshe biyu yakan jera ma'anoni ba tare da ya nuna wadda ta fi yawa a bakin mutane ba.

4. Aron gini

Jimla ta (3) ta fi wuyar gyara, domin ko an sauya kalmominta ɗaya bayan ɗaya, ginin na Faransanci ne. Vinay da Darbelnet, a littafinsu na 1958 da ya kwatanta salon Faransanci da na Ingilishi, sun lura cewa Faransanci yana son suna a inda Ingilishi yake son aikatau. A jimlar nan an jera sunaye huɗu kafin a kai ga batun binciken: « missions », « terrain », « realisation », « inquiry ». Aikatau ɗaya da ke ciki, « effected », ba ya ɗauke da wata ma'ana, yana dai share wa sunayen hanya ne kamar « effectuer » a rahoton ma'aikata. Alamar da ake gane wannan gini da ita ita ce maimaita « of »: sau uku ta zo a jimla guda. Ƙari a kan haka, « in view of » ba ta daidai da « en vue de ». Tana nufin « bisa la'akari da », ba « domin » ba.

Domin a ji yadda irin wannan aro yake sauka a kunnen mai harshe, sai mu juya lamarin zuwa Hausa. Baƙon da ya ɗauko « prendre une décision » ya ce « na ɗauki shawara » bai karya nahawu ba. Amma Bahaushe zai ji cewa ya karɓi nasihar wani ne, domin a Hausa yanke shawara ake yi. Kowane suna yana da aikatau da ya saba tafiya da shi, kuma wannan abota ba ta ƙetare iyakar harshe.

Hanyar gyara ita ce a rufe takardar a tambayi kai: me mutumin ya yi? Ya fita karkara ya yi bincike kan karorin Hausa. Ingilishi yana da kalma guda ga wannan aiki, sai jimlar ta zama « He has done fieldwork on Hausa dialects ». Kalmomi 21 sun koma 7, kuma babu abin da ya ɓace.

5. Nauyin da ya wuce kima

Jimla ta (4) ba ta da kuskuren nahawu ko ɗaya, har jam'in « colloquia » daidai yake. Aibinta shi ne ta sa babbar riga a wurin da kowa ke cikin taguwa. Muna ganin dalilai biyu.

Na farko na tarihi ne. Bayan da Normandawa suka ci Ingila a 1066, Ingilishi ya ari dubban kalmomi daga Faransanci, kuma da yawa daga cikinsu sun zauna a harshen fada da shari'a, yayin da tsofaffin kalmomin suka ci gaba da aikin yau da kullum. Shi ya sa ake da « commence » da « begin », « reside » da « live », « numerous » da « many ». Kalmar da ta fi saurin zuwa wa mai Faransanci, domin ta yi kama da tasa, ita ce wadda mai Ingilishi yake ji da nauyi. Marubucin bai nemi ƙasaita ba, ya bi hanya mafi kusa ne kawai.

Na biyu na tarbiyya ne. An koya mana wasiƙar gwamnati da ke farawa da « J'ai l'honneur de » da takardar shaida mai « je soussigné », inda « the undersigned » ta jimla ta (1) ta samo asali. Mun kuma tashi da cewa yabon kai jahilci ne, don haka muke fakewa a bayan kalmomin ladabi. Sai dai sakamakon yakan zo a juye: a kunnen mai karatun Ingilishi, mai cewa halartar taro babbar daraja ce a gare shi yana kambama kansa ne, alhali bai ambaci taro ko guda ba. Gwajin da ya dace a nan na kunne ne. A karanta jimlar da ƙarfi, a tambaya ko shugaban zama zai iya faɗin ta sa'ad da yake gabatar da mai jawabi. In ba zai iya ba, a sauƙaƙa ta ko a cire ta.

6. Salon magana

A jimla ta (5) akwai duwatsu biyu, kowanne da asalinsa. Na biyun, « bring his stone to the edifice », juyin « apporter sa pierre à l'édifice » ne, kuma Ingilishi bai san shi a matsayin salon magana ba. Na farkon, « leave no stone unturned », Ingilishi ne na gaske, amma an fi jin sa a bakin ɗan siyasa ko ɗan sanda mai alkawarin bincike. Gwajin mayarwa yana kama na biyu, ba ya kama na farko. Don haka sai a nemi rumbun matani, kamar « British National Corpus » da aka kammala a 1994 mai kalmomi kimanin miliyan 100, a rubuta furucin, a duba abu biyu: ko ya fito, da kuma irin rubutun da ya fito a ciki. Ra'ayinmu shi ne a rubutu mai layi biyar babu wurin salon magana ko da sahihi ne, domin yana cinye gurbin da ya kamata bayani ya zauna.

7. Kammalawa

Da muka tambayi marubucin inda ya yi binciken da abin da ya nema, matanin ya koma haka:

X teaches phonology at the University of Y. He completed his PhD in linguistics in 2015. He has done fieldwork on Hausa dialects in Ader and Damagaram, where he recorded how speakers form plurals.

Sabon matanin rabin tsohon ne a tsawo, amma ya faɗi abu biyu da tsohon bai faɗa ba: wuraren binciken da batunsa. Wanda ke nazarin jam'i a taron yanzu yana da dalilin neman marubucin.

Dole mu ambaci iyakar hanyar. Gwajin mayarwa yana nuna wurin tuhuma ne kawai, ba ya yanke hukunci, domin akwai jimloli da yawa da harsunan biyu suka dace a kansu. « A doctorate in linguistics » tana komawa Faransanci kai tsaye, kuma ba ta da aibi. Haka nan Ingilishi ba ɗaya ba ne: a Nijeriya akwai salon girmamawa da ake karɓa a takardar taro wanda zai yi nauyi a wata mujalla ta Landan. Saboda haka kafin a fara rubutu, ya kamata a karanta tarihin marubuta uku ko huɗu da taron ko mujallar suka riga suka buga, a auna tsawonsu, a ga ko suna cewa « I » ko « he » da « she », sannan a bi sawunsu.