Saɓanin Ƙira'o'i: Yadda Ɗigo da Wasali Ke Faɗaɗa Ma'anar Aya

Duk wanda ya tashi a makarantar allo a ƙasar Hausa ya haddace Alƙur'ani da ruwayar Warshu, sa'an nan ya zauna da wanda ya yi karatu a Islamiyya da ruwayar Hafsu, ba za su yi nisa cikin tilawa ba sai sun tarar da wurin da bakinsu ya saɓa. Mafi yawan wannan saɓani na furuci ne, irin wanda malaman ƙira'a ke kira usuli, watau ƙa'idojin da ke gudana a ko'ina cikin Mushafi, kamar tsawon madda, da sassauta hamza, da karkata fataha wajen kisira. Irin wannan ba ya taɓa ma'ana ko kaɗan. Amma akwai kashi na biyu da suke kira farshi, watau kalmomi ɗai-ɗai da ke warwatse cikin surori, waɗanda ba ƙa'idar da ta tara su sai dai a karɓe su daga bakin malami, kuma a cikinsu ne ake samun harafi ko wasali ya sauya har ma'ana ta ɗan juya. Wannan kashi shi ne abin nazarinmu, domin a nan jahili ke firgita, a nan kuma masani ke tsintar fa'ida.

Asalin al'amarin yana komawa ga Musahafan da Sayyidina Usmanu ya sa aka rubuta aka aika manyan birane, waɗanda rubutunsu ba shi da wasula, ba shi da ɗigogin da ke rarrabe haruffa masu kama da juna, kuma sau da yawa ba a rubuta alifin madda a cikinsa. Mutanen kowane birni suka ci gaba da karantawa yadda suka ji daga Sahabban da suka koyar da su, muddin karatun ya dace da rubutun da ke hannunsu. Da zamani ya yi nisa, sai Ibnu Mujahid na Bagadaza, wanda ya rasu a shekara ta 324 bayan Hijira, ya zaɓi limamai bakwai: Nafi'u a Madina, Ibnu Kasir a Makka, Abu Amru a Basra, Ibnu Amir a Sham, da Asimu da Hamza da Kisa'i a Kufa. Daga baya Ibnul Jazari, wanda ya rasu a 833, ya tabbatar da wasu uku suka cika goma. Warshu almajirin Nafi'u ne, Hafsu kuwa almajirin Asimu, saboda haka in alaramma da ustazu sun saɓa, karatun Madina ne da na Kufa suka haɗu a zaure ɗaya.

Misali mafi sauƙin fahimta yana cikin aya ta 259 ta Baƙara, bisa ƙidayar Kufa da ke cikin Mushafin Hafsu, domin lambar ayoyi a na Warshu takan ɗan saɓa. Ayar tana ba da labarin mutumin da Allah ya matar da shi shekara ɗari sa'an nan ya tashe shi, aka ce masa ya dubi ƙasusuwa. Hafsu yana karanta aikatau ɗin da zayun, «nunshizuha», ma'ana ana ɗaga ƙasusuwan ana harhaɗa su, kowanne a mazauninsa. Warshu kuwa yana karantawa da ra'un, «nunshiruha», ma'ana ana rayar da su bayan mutuwa. A tsohon rubutu siffar haruffan nan biyu ɗaya ce, ɗigo kaɗai ya raba su. Wanda ya san ƙira'o'in biyu sai ya ga aikin tashin matattu ta fuska biyu, haɗa ƙirar jiki da mayar masa da rai, kuma ba wadda ta ƙaryata 'yar'uwarta. Daga irin wannan ne malaman tafsiri suka kafa ƙa'idar cewa ƙira'o'i biyu tabbatattu suna matsayin ayoyi biyu, ana aiki da kowacce, ɗaya tana bayyana ɗaya.

To, a nan mai hankali zai iya tambaya, ko ba rashin ɗigo ne ya haifar da saɓanin ba, watau kowane makaranci ya dubi rubutu maras alama ya cika shi da abin da ya ga dama? Wasu masanan Turai sun faɗi haka, kuma tambaya ce da ta cancanci amsa da hujja. Amsar tana cikin Fatiha. A ayar da ke ambaton ranar sakamako, Warshu yana karanta «maliki» da gajeren wasali, watau sarki mai umarni da hani, Hafsu kuwa «maaliki» da madda, watau mamallaki, alhali abin da aka rubuta mimun ne da lamun da kaf, ba alif. Amma waɗannan haruffa uku, a rubuce haka, sun zo a aya ta 26 ta Ali Imrana, inda dukan makaranta goma suka haɗu a kan madda, sun kuma zo a Suratun Nasi, inda dukansu suka haɗu a kan gajartawa. Da rubutu ne ke haifar da saɓani, da an saɓa a wurare ukun duka, tun da siffa ɗaya ce. Amma an saɓa a ɗaya an haɗu a biyu, domin abin da ake bi shi ne ji daga baki. Rubutun Usmanu rariya ne, yana tace abin da aka ruwaito, ba ya ƙago abin da ba a ruwaito ba.

Tarihi ma ya nuna malamai sun tsare wannan iyaka ta ɓangarori biyu. A shekara ta 322 aka tuhumi Ibnu Miƙsam a Bagadaza domin ya halatta karanta duk abin da ya dace da rubutu da nahawu ko da ba shi da isnadi, aka sa shi ya janye. A shekara ta 323 kuma aka gurfanar da Ibnu Shanabuz gaban waziri Ibnu Muƙla domin yana karanta ruwayoyin da suka saɓa wa rubutun Usmanu, shi ma aka sa shi ya tuba. Daga nan ake gane sharuɗɗa uku da Ibnul Jazari ya tsara: ƙira'a ta inganta ta hanyar isnadi, ta dace da ɗaya daga Musahafan Usmanu, ta kuma dace da wata fuska ta Larabci. Wadda ta rasa ɗaya ana kiranta shazza, ana iya amfana da ita a tafsiri amma ba a salla da ita. An ce «ɗaya daga Musahafan» domin su kansu sun ɗan saɓa a wurare ƙalilan: aya ta 133 ta Ali Imrana tana farawa da wawun a Mushafin Hafsu, babu shi a na Warshu, saboda ba a rubuta shi a Musahafan Madina da Sham ba. Da wawun, umarnin gaggawa zuwa gafara yana haɗe da umarnin da ya gabace shi. Ba tare da shi ba, sabon zance ne mai tsayuwa da kansa.

Wurin da ya fi dacewa a dakata a kansa shi ne aya ta 184 ta Baƙara, wadda ke zancen fansar azumi, domin a nan saɓanin ya shafi kalmomi uku a jere kuma ya shiga hukunci. Hafsu yana karanta kalmar fansa da tanwini, «fidyatun», kalmar abinci da rufu'a, «ɗa'amu», sa'an nan matalauci tilo, «miskinin». Warshu kuwa yana sauke tanwinin ya ce «fidyatu», ya jingina ta ga abinci da kisira, «ɗa'ami», sa'an nan ya jam'inta matalauta, «masakina». A karatun farko abinci bayani ne na fansar, kamar an ce fansa ce, wadda ita ce ciyar da miskini ɗaya. A na biyu an jingina fansar ga jinsinta, kamar an ce fansar abinci ta miskinai. Tilon yana koyar da ma'auni, cewa kowane yini ɗaya miskini ɗaya ne. Jam'in yana duban jimilla, domin ranakun suna da yawa, waɗanda aka yi wa magana ma suna da yawa. Tsohon da azumi ya gagare shi duk wata, in zai ciyar, Malikawa sun ƙaddara masa mudun Annabi ɗaya a kowane yini, sai ya zama mudu talatin a wata mai kwana talatin. Da ƙira'ar jam'i kaɗai ce ta zo, da wani ya zaci yini ɗaya yana bukatar ciyar da jama'a; da ta tilo kaɗai ce, da wani ya zaci miskini ɗaya ya wadatar wa wata duka. Haɗuwarsu ta toshe kuskuren biyu.

Wannan aya kuma tana nuna inda ɓarna ke shigowa, watau cakuɗa ruwayoyi ba da sani ba, abin da ya yawaita tun da Musahafan Hafsu, masu bin bugun Alƙahira na 1924, suka bazu a ƙasashen da aka gaji Warshu. Ɗalibin da ya haddace Warshu a allo, sa'an nan kunnensa ya cika da karatun Hafsu daga rediyo, yana iya cewa «fidyatu» irin ta Warshu ya bi ta da «ɗa'amu» irin ta Hafsu, kuma wannan karatu ne da babu limamin da ya karanta, nahawu ma ya ƙi shi, domin abin da aka jingina wa tilas ya ɗauki kisira. Duk da haka kada a yi hukunci da zato, domin tanwini tare da jam'in miskinai, wanda mai sauraro zai iya ɗauka cakuɗe ne, ingantacciyar ruwaya ce ta Hishamu daga Ibnu Amir. Alamar da ake gane kuskure ita ce a tambayi mai karatu ruwayar da yake bi, a auna shi da ita daga farko zuwa ƙarshe. Kuma wanda bai san abin da liman ke karantawa da shi ba, bai kamata ya yi gaggawar yi masa gyara a cikin salla ba.

Magabatanmu sun san wannan hanya. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, a tafsirinsa Liya'ut Tawili, yana gabatar da ƙira'ar Nafi'u ta ruwayar Warshu domin ita ce karatun ƙasarsa, sa'an nan ya ambaci sauran ya fitar da ma'anarsu. Abin da ya kamata ga masu tafsiri a yau shi ne su yi haka: in mai jan baki ya karanta aya da ruwaya ɗaya, malam ya faɗa wa jama'a inda ɗayar ta saɓa da abin da ta ƙara. Ɗalibi kuwa ya ƙware a ruwaya guda a gaban malami mai isnadi kafin ya shiga ta biyu, in ya shiga kuma ya riƙe Mushafin kowacce dabam, ya rubuta kalmomin farshi sura-sura, domin a cikinsu ne ruwayoyin ke rikice wa mahaddaci.