Rubutun da ke Ƙarƙashin Hoton Mota

Da kaka ta yi, aka kwashe masara da waken suya aka kai Dandume, auduga kuma ta hau sikeli a Funtuwa, manomin da shekara ta yi wa kyau yakan fara tunanin ƙarfe. Wani babur yake so, wani kuma ya kai ga mota. A lokacin ne hotunan motoci ke yawo a wayoyin mutanen Maska da Bakori da Ɗanja har zuwa Malumfashi, kowace an wanke ta an shafe tayoyinta, an tsayar da ita a inuwa an ɗauke ta ta ɓangaren da ya fi kyau. Yawancinsu abin da ke ƙarƙashin hoton bai wuce "tsaf take, sai hawa, a kira" ba. Amma akwai dillalai ƙalilan da ke zama su rubuta abin da mai saye zai iya riƙewa ya je ya gwada, kuma aikin nan nasu gwaninta ce da ba kowa ya iya ba.

Ga irin rubutun da nake nufi. Motar da farashinta misali ne kawai, amma haka gwani yake tsara nasa:

"Toyota Corolla, 2005, ta Amurka, giya otomatik. An hau ta a gida, ni ne dillali, ba mai ita ba. Maleji 168,000, mil ne, wato kimanin kilomita 270,000. Injinta na asali, ba a sauke shi ba, amma tana rage baƙin mai kamar lita ɗaya tsakanin juye da juye. An yi wa ƙofar baya ta dama da bamba fenti, akwai fila a ƙofar. Na'urar sanyi tana aiki. Shokozoba na gaba suna son canji. Tayoyi biyu sababbi, biyu sun kwana biyu. Takardar kwastam da ta mallaka suna hannu. Naira 4,800,000, la'ada na ciki, canjin suna na mai saye ne. A zo da bakanike, da safe kafin a tayar da ita."

Duk abin da ke cikin nan abu ne da hoto ba ya nunawa. Launin mota da kyan kujeru ido ya riga ya gani, shi ya sa gwani ba ya ɓata kalma a kansu. Sa'annan kowace jimla tana da hanyar da za a ƙaryata ta. In mutum ya ce "lafiya lau take", babu bakaniken da zai kama shi, domin bai faɗi komai ba. In ya ce "akwai fila a ƙofar baya ta dama", ya nuna wurin da za a ɗora maganaɗisu: a kan ƙarfe zalla zai kama sosai, a kan fila mai kauri zai yi sako-sako ko ya faɗi. Mutumin Maska da zai biya kuɗin mota zuwa Funtuwa ko Zariya, ya biya na bakaniken da ya ɗauko, ya bar gonarsa yini guda, yana bukatar ya san tun daga gida ko tafiyar ta cancanta.

Maleji shi ne inda aka fi yin ha'inci, kuma inda gwaninta ta fi fitowa. Motocin da ke shigowa daga Amurka da mil suke ƙirga tafiya, na Turai, waɗanda muke kira Beljiyam, da kilomita. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne da ɗan ɗoriya. Dillalin da ya rubuta 168,000 ya yi shiru bai yi ƙarya ba, amma ya bar mai saye ya zaci kilomita ne, ya ɓoye masa tafiyar kilomita dubu ɗari ke nan ba tare da ya taɓa mitar ba. Shi ya sa na misalinmu ya rubuta duka biyun.

Sai kuma ya auna lambar da hankali kafin ya saka ta. Motar 2005 da ta shekara ashirin a kan hanya, in ta yi kilomita 270,000, ta riƙa cin kamar 13,500 ke nan a shekara, abin da ya yi daidai da motar gida. To a ce mitar tana nuna mil 60,000. Mil 3,000 ke nan a shekara, kilomita 13 kacal a rana, alhali robar fedar birki ta cinye har ƙarfe ya leƙo, sitiyari ya yi santsi, kujerar direba ta lotsa. Wannan mita an juya ta, ko an canza allon gaba ɗaya da na wata motar, kuma mitar zamani mai lambobin wuta ba ta fi ƙarfin masu juyawa ba. Dillali ba lalle ne shi ya juya ba, ta yiwu tun daga hannu na biyu aka yi. Abin da gwani ke rubutawa a nan shi ne: "Mita na nuna 60,000, amma jikinta ya nuna ta fi haka, ban tsaya a kan lambar ba." Akwai ma wani abu da masu Corolla na tsakanin 2003 da 2008 suka sani: malejinta yakan tsaya cak a 299,999, ba ya ƙara gaba. Wanda ya ga wannan lambar a allo, abin da ya sani kawai shi ne motar ta kai nan, ko jiya ta kai ko shekara uku da suka wuce.

Shekarar mota ma ba a ɗaukar ta daga bakin mai ita. Ana sauya fitilu da bamba a mayar da tsohuwa kamar ta baya-bayan nan. Lambar jikin mota, wadda takardu ke kira VIN, tana da haruffa da lambobi 17, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofarsa. A motocin Amurka, na goma a jerin shi ke faɗin shekara: 5 na nufin 2005, 8 na nufin 2008. Gwani yana duba wannan, ya gwama ta da wadda ke cikin takardar kwastam, sa'annan ya rubuta shekara. Takardar nan ba abin wasa ba ce a wajen mai bin hanyar Funtuwa zuwa Yashe ko zuwa Gusau. A Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, hanyar da motocin Kwatano suka saba bi, kuma motar da lambar jikinta ta saɓa wa takardarta tana iya kwana a hannun kwastam ko da mai ita da kuɗinsa na halal ya saya.

Jimlar da ta fi burge ni a misalin ita ce ta ƙarshe, wadda ke cewa a zo da safe kafin a tayar da ita. Inji mai zafi yana rufa wa kansa asiri. Da sanyin safiya ne ake jin ƙarar da ke ɓacewa bayan minti biyar, a ga irin hayaƙin da salansa ke fitarwa. Shuɗi-shuɗi na nufin baƙin mai yana ƙonewa, ringi ko robobin bawul sun gaji. Fari mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya ɗumama na nufin ruwan lagireto yana shiga inda bai kamata ba, galibi gaskit ya ƙone. Baƙi kuwa fetur ne ya yi yawa. Dillalin da ke da abin ɓoyewa, kafin ka iso ya riga ya zagaya da motar ta yi zafi. Wanda ya ce ka zo ka ɗora hannu a kan inji ka ji shi da sanyi, ya ba ka damar kama shi, kuma ya san ba za ka sami fiye da abin da ya rubuta ba.

Dubi kuma yadda ya faɗi aibin. Bai ce "inji na da matsala" ba, wanda zai kori kowa, bai kuma ce "ɗan abu kaɗan ne" ba. Ya ba da awo: lita ɗaya tsakanin juye da juye. Da wannan bakanike zai iya cewa a ci gaba da hawa ana ƙara mai, ko a shirya kuɗin ringi nan gaba. Haka shokozoba: ya ambaci na gaba, domin wanda zai bi hanyar ƙauye da damina, da buhunan taki a but, ƙafar mota ce ta fi damunsa, ba ƙyallin fenti ba. Tayoyin ma akwai hujja a jikinsu, lambobi huɗu da ke faɗin mako da shekarar da aka ƙera su. In ka ga 2319, mako na 23 ne a 2019, ko da zanen tayar bai cinye ba.

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da yanke wannan magana: wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, kuma in mai saye ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa, yana da ikon mayar da kaya. Ta wannan fuska rubutun yana kare dillalin shi kansa. Ranar da mai saye ya dawo da 'yan'uwansa yana cewa mota na shan mai, sai a buɗe waya a nuna masa layin da ya karanta kafin ya biya.

Farashi kuwa, a nan ne wasu dillalai za su yi mini gardama, kuma suna da hujja. Cinikinmu na tayi ne da albarka, kuma wanda ya rubuta kuɗi, in ji su, ya ɗaure hannunsa. Ni ina ganin "a kira a ji kuɗi" ya fi cutar da su. Mai saye ya san dalilin ɓoyewar: ana so a ji muryarsa a auna aljihunsa, a sa wa Alhaji wani kuɗi, a sa wa malamin makaranta wani. Rubuta 4,800,000 bai hana tayi ba, ya dai sa mai miliyan uku ya zauna a gida, mai biyar ya taso. Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne abin da ke biye da ita. Rigimar cinikin mota sau da yawa ba a kan kuɗin motar take tashi ba, a kan la'ada ne, bayan an sallama, sai dillalai uku su fito kowa da hannu a buɗe: wanda ya ɗauki hoton, wanda ya tura, da wanda ya raka ka. Kalmomi uku, "la'ada na ciki", sun kashe wannan. Kuma da yake farashin mota yana bin Dala, mai lura yakan sa ranar da ya rubuta, don kada hoton watan jiya ya dawo masa da mai saye yana riƙe da tsohon kuɗi.

Akwai iyakar abin da rubutu zai ɗauka. Dillali ba ya ganin cikin giyabos, bai kuma san abin da motar ta gani a Amurka ba sai abin da ya bar alama, kamar busasshen laka a ƙarƙashin kafet da tsatsa a ƙarfen kujeru, waɗanda ke nuna ta taɓa nutsewa a ambaliya. Saboda haka gwani yake raba abin da ya gani da abin da aka gaya masa. Zai rubuta "na hau ta zuwa Malumfashi na dawo, giya na shiga ba fizga", domin wannan shi ya gwada. A kan abin da bai gani ba kuwa zai ce "mai ita ya ce an canza famfon mai bara, ban ga rasit ba", sai bakaniken mai saye ya san inda zai fara dubawa.