Jinjina ga Masu Tace Sanarwar Lafiya

Masu tace rubutu a gidajen rediyon Hausa su ne ke karɓar daftarin da likita ya rubuta, su mayar da shi maganar da mai jego za ta gane a tsakar gida. Aikin nasu ba ya fitowa fili, shi ya sa ba a cika yaba musu ba.

A ɗauki sanarwa kan gudawar yara. Likita kan rubuta cewa "ƙarancin ruwa a jiki na haifar da rikicewar sinadarai". Mai tacewa sai ya tambayi kansa: me uwa za ta gani da idonta? Sai ya rubuta cewa idon yaro zai faɗa, maɗigarsa ta lotsa, fitsarinsa ya ragu. Daga nan ya soke gaisuwar manyan baƙi da "kamar yadda kowa ya sani", domin ba su ƙara komai ba.

Gwanintarsu tana ga sanin abin da ba a taɓawa. Ƙunshi ɗaya na gishiri da sukari a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta ake zuba shi. Wanda ya mayar da wannan "ruwa kaɗan" don neman sauƙi ya ɓata maganin, ruwan ya yi gishiri da yawa. Nagartaccen mai tacewa yakan bar adadin yadda likita ya rubuta shi.