Kirari da Alkawari: Nazarin Yadda Kamfani Ke Bayyana Aikinsa a Rubuce

Bahaushe ya saba da kirari a harkar saye da sayarwa. Mai maganin gargajiya da ke yawo da lasifika a kan mota, da mai talla a rediyo, da yaron shago da ke jawo hannun mutum a Kantin Kwari, duk suna kambama hajarsu, kuma ba wanda ke kama su da laifi. Mai sauraro ya san kirari ne. Yana ji yana ragewa a zuci, ga kuma kayan a gabansa, zai taɓa, ya juya, ya taya. Matsala tana farawa ne sa'ad da aka kwashi wannan salo aka zuba shi cikin rubutun da kamfani ke gabatar da ayyukansa ga wanda bai taɓa taka ƙofarsa ba. Mai karatu yana can shi kaɗai da wayarsa, ba kaya a gabansa, ba wanda zai tambaya. Abin da aka rubuta shi ne kaɗai abin da ya riƙe, don haka yakan ɗauke shi a matsayin alkawari. Ran da aiki ya gaza, wannan rubutun zai ɗauko hotonsa ya turo.

A ra'ayina wannan ne ma'aunin da ya kamata mai gyaran irin wannan rubutu ya riƙe: kowace jimla a tambaye ta, in mai saye ya dawo da ita bayan wata shida, kamfani zai iya tsayawa a kanta?

Mu ɗauki misalin masu haɗa wutar sola, sana'ar da ta bunƙasa a Kano da sauran garuruwan Arewa. Ga irin bayanin da ake yawan cin karo da shi, na haɗa shi daga kalaman da suka zama ruwan dare:

"Mu ne kan gaba a harkar sola a faɗin Arewa. Ƙwararrun injiniyoyinmu za su raba ka da matsalar wuta har abada. Wuta awa 24 ba yankewa, kaya masu inganci daga ƙasashen waje, garantin shekara 25, farashi mafi rahusa. Gamsuwarka ita ce burinmu."

Jimlar farko da ta ƙarshe ba sa buƙatar dogon bincike. "Kan gaba" ba wanda ya auna, kuma kamfanin da ke layi na gaba ma haka ya rubuta. "Gamsuwarka ita ce burinmu" za a iya liƙa ta a jikin shagon tela ko asibitin dabbobi ba a canja ko harafi ba. Duk jimlar da za ta zauna daram a bakin wani kamfani daban, ba ta faɗi komai game da wannan kamfanin ba. A goge su.

Inda aikin yake shi ne "wuta awa 24 ba yankewa". Nan mai gyara dole ya ajiye alƙalami ya nemi wanda ke hawa rufin, ya tambaye shi me ake sakawa a ƙaramin haɗi. A ce amsar ita ce inbata ɗaya, da batir biyu irin na ruwa, kowanne bolt 12 da amfiya 200, da faranti huɗu a kan rufi. Lissafin ba shi da wuya. Bolt 12 sau 200 ya ba da 2,400, batir biyu kuma 4,800, wato a takarda za su iya ɗaukar kayan wat 4,800 na awa guda. Sai dai irin wannan batir ba a zuƙe shi ƙasa da rabi in ana son ya yi ƙarko, don haka saura 2,400. Inbata ma tana cin nata rabon wajen juya wutar, abin da zai isa ga kayan gida bai wuce 2,000 da ɗan kai ba.

Yanzu a kunna kaya. Fanka uku, kowace wat 60, ƙwai takwas masu wat 10, da talabijin mai wat 80, jimla wat 340. Bayan faɗuwar rana wannan haɗin zai riƙe su kamar awa shida. In aka fara daga magariba, kafin ƙarfe ɗaya na dare inbata ta fara kuka. In kuwa maigida ya karanta "ba yankewa" ya jona na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya, wadda ke jan abin da ya kusa wat 900, ko ita kaɗai ce a kunne, awa biyu da 'yan mintoci ne zance ya ƙare. Ba ƙarya injiniya ya yi masa ba, kayan kuma ba jabu ba ne. Rubutun ne ya sayar masa da abin da ba a ɗora masa a rufi ba.

Wani zai ce to ai gaskiyar ba ta da daɗin ji, wa zai sayi "awa shida"? Nan ne gwanintar marubuci ke fitowa. A sake lissafin da yadda mutane ke rayuwa a zahiri. Ba wanda ke kwana da ƙwai takwas da talabijin a kunne. Fanka uku da ƙwai biyu wat 200 ne, kuma wannan zai kai awa goma. Wanda ya san daren watan Afrilu a Kano, lokacin da bango ke fitar da zafin da ya sha da rana, yara suna juyi a kan tabarma, ya san darajar a ce masa fanka za ta kwana tana juyawa har asuba. Wannan jimlar ta fi "har abada" jan hankali nesa ba kusa ba, domin ta taɓa ainihin abin da ya sa mutumin ya fara neman sola. Kuma ana iya gwada ta a daren farko.

Sai garantin shekara 25, wanda na fi jin haushinsa domin rabin gaskiya ne. Masu ƙera faranti da dama suna ba da tabbacin cewa farantin zai ci gaba da ba da kaso mai yawa na ƙarfinsa har shekara 25. Wannan na faranti ne kawai, kuma daga masana'anta yake. Batirin ruwa 'yan shekaru yake yi, zafi kuma yana rage masa kwana. Inbata tana da nata wa'adin, aikin hannun masu haɗawa ma yana da nasa. Idan aka dunƙule duka aka ce shekara 25, mai saye zai zo a shekara ta uku da mataccen batir yana neman sabo kyauta, kuma ba za a ce ya yi rashin hankali ba. Gyaran shi ne a warware garantin gida-gida, kowane kaya da wa'adinsa da wanda ke ɗauke da nauyinsa.

Ga yadda bayanin zai iya komawa, alƙaluman kwanaki da wa'adi kuwa kowane kamfani ya sa nasa na gaskiya:

"Muna haɗa wutar sola a gidaje da shaguna a cikin birnin Kano da kewaye. Kafin mu faɗi farashi, ma'aikacinmu zai zo ya ga kayan wutar da kuke amfani da su. Ƙaramin haɗinmu, mai batir biyu da faranti huɗu, yana riƙe fanka uku da ƙwai biyu daga bayan isha'i har asuba idan batir ya cika da rana. Ba ya ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki, ko dutsen guga, ko hita. Masu buƙatar waɗannan akwai babban haɗi. Lokacin hunturu ƙura tana rage ƙarfin faranti, za mu nuna muku yadda ake wanke shi. Aiki yana ɗaukar kwana biyu. Garantin aikinmu shekara ɗaya ne, na batir da inbata da faranti kuma muna ba ku takardar kowanne daban."

Ba a kira kowa ƙwararre ba a nan, amma mai karatu ya ji ƙwarewa, domin sai wanda ya san aiki ne zai tuna da ƙurar hunturu. An kuma koma "ku" maimakon "ka", saboda mai neman sola tana iya zama Hajiya mai sayar da ƙanƙara, kuma ladabin ya fi dacewa da baƙon da ba a sani ba.

Jimlar da masu kamfani suka fi ƙi ita ce wadda ta faɗi abin da haɗin ba ya yi. Mai gyara zai sha jin, "Malam, wannan ai korar kwastoma ne." Amsar ita ce, "Ranka ya daɗe, wanda wannan jimla ta kora, shi ne da ma zai dawo da rigima, ya ɓata sunan shago a majalisa da zauren unguwa." Wanda ke son sanyaya ɗaki kuma ba a kore shi ba, an nuna masa babban haɗi, inda ribar ma ta fi yawa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malaman fiƙihu sun daɗe suna karantar da cewa wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa, ɓoyewa kuma algus ne. Dokar ƙasa ma ta shigo: dokar gasa da kare haƙƙin mai saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta hana bayanin ƙarya ko mai ɓatar da mai saye, sannan a 2022 aka kafa ARCON a madadin APCON don sa ido kan tallace-tallace a Nijeriya.

Akwai kuma kuskuren da ke ɗaya gefen, wanda masu gudun cika baki kan faɗa. Sai su bar injiniya ya rubuta, bayanin ya koma jerin lambobi: bolt kaza, amfiya kaza, sunan masana'anta. Duk gaskiya ne, amma mai shagon ɗinki bai san ko haɗin zai ɗauki kekunansa uku ba. Lissafin bolt da amfiya na mai gyara ne, ya yi shi a gefe, ya fito wa mai karatu da sakamakon cikin harshen fanka da firji da awowi. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce a ba wani da ba ya cikin sana'ar ya karanta sau ɗaya, a karɓe wayar, a tambaye shi me suke yi, a ina, me zai samu, me ba zai samu ba. Inda ya yi shiru, nan rubutun ya gaza.

"Farashi mafi rahusa" kuwa ba ta da wurin zama, tunda ba wanda ya zaga duk shagunan Sabon Gari ya gwada. Rubuta ainihin kuɗin ma yana da nasa haɗari, domin yawancin kayan sola daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin canjin dala, kuma tun da aka saki naira a 2023 adadin da aka rubuta yau kan iya tsufa kafin wata ya ƙare. Abin da ya fi shi ne a faɗi abin da kuɗin ya ƙunsa, ko da wayoyi da ƙarfen ɗora faranti da kuɗin aiki a ciki ko babu, a sa ranar da aka yi lissafin, a kuma faɗi kwana nawa farashin zai tsaya bayan an ba mutum takarda.