Jinjina ga Masu Tace Bidiyon Biki

A Jega, Aliero da Maiyama akwai matasa masu tace bidiyon biki da suka cancanci yabo, don sun san inda ake yanka hoto. Idan waliyyi yana bayarwa, wakilin ango yana karɓa, yanka kai tsaye suke yi daga fuska zuwa fuska, tunda zance ɗaya ne. Narkar da hoto cikin hoto kuwa sai lokaci ya shuɗe, kamar daga ɗaurin aure da hantsi zuwa kai amarya da dare, kuma daƙiƙa 1 ta wadatar. Sharar allo, wadda sabon hannu ke yayyafawa ko'ina, sau ɗaya suke sa ta, lokacin da ayarin motoci ya bar Aliero ya nufi Jega.