Sharhi a kan Kwafar Rubutun Hannu Mai Gauraya Hausa da Ingilishi a Yankin Maraɗi

A Nijar an fi sabawa da Hausa mai gauraye da Faransanci, amma a sassan Agye da Gazawa da Gidan Rumji akwai takardun hannu da Ingilishi ne ya shiga cikin Hausarsu. Dalili na farko ciniki ne da Katsina, da almajirai da ƴan ci-rani da suka koyi boko a ƙetaren iyaka. Na biyu kuwa mishan ɗin Sudan ne, wanda ya zauna a Tsibiri tun ƙarshen shekarun 1920, ma'aikatansa Turawa masu jin Ingilishi ne, da Hausa kuma suke koyarwa.

Abin da ake suka a nan shi ne wata al'ada ta masu kwafa: su bi harafi ɗaya bayan ɗaya, ba su tsaya sun tantance harshen kalmar ba. Taron Bamako na 1966, da na Yamai na 1980, da dokar Ma'aikatar Ilmi ta 1999, sun daidaita yadda ake rubuta Hausa. Wannan ƙa'ida kuwa a kan kalmar Hausa take aiki, saboda haka sai an san kalma ta Hausa ce kafin a ɗora mata ita.

A ɗauki misalin layi irin wanda ake gani a littafin bashi na ɗan kasuwar hatsi:

«Sale wake buhu 12, balance din 4,000, kasa da na jiya.»

Kalmar farko tana iya zama sunan mutum, watau Sale, tana kuma iya zama kalmar Ingilishi mai nufin sayarwa. Haruffan ɗaya ne, kuma babban baƙi bai raba gardama ba, tun da farkon layi ne. Sauran shafin ne zai raba ta. In layukan sama da na ƙasa sun fara da Idi da Habu, to, Sale mai bashi ne. In kuwa sun fara da sayen kaya da kuɗin mota, jerin ciniki ne. Mai kwafar da ya yi kuskure a nan ya ƙirƙiro wa littafin mutumin da ba shi, ko ya share wanda ake bi kuɗi. Kalma ta biyu ma tana cikin ƙamus na Ingilishi, sai dai «buhu» da ke biye da ita ya tabbatar da cewa waken ci ne.

Ta biyar ta fi wuya. Hausa ta riga ta ari kalmar ta mai da ita «balas», har wasu masu kwafa suna ganin kishin harshe ne su rubuta hakan. Wannan ɓata shaida ne. Marubucin ya sa harafin «c» mai sautin «s», ya kuma rufe da wasalin da ba a furtawa, abubuwa biyu da rubutun Hausa bai yarda da su ba. Ke nan da Ingilishi ya yi nufi, a bar masa ita haka. Da «balas» ya rubuta, ba mai ikon mayar da ita Ingilishi. Wasu kan kafa hujja da «ɗin» su ce alamar baƙuwar kalma ce, amma hujjar ba ta da ƙarfi, domin ana cewa «rasit ɗin» alhali rasit ya daɗe da zama Hausa.

Sai lanƙwasa. Hannu mai sauri ba ya lanƙwasa ɗ da ƙ da ɓ, don haka «din» ɗin ne, «kasa» kuma ƙasa ce, ba kasawa ko kashin tumatir a kasuwa ba. «Da na jiya» ne ya nuna haka. Wanda ya yi karatu da Faransanci yana da nasa tarkon: «ch» yakan zo masa da sautin «sh», har ya kwafi «chan» na tsohon rubutun Hausa ya mai da shi «shan», alhali «can» ake nufi. Waƙafin 4,000 ma na dubbai ne bisa al'adar Ingilishi. A lissafin Faransanci waƙafi gutsure yake rabawa, sai dubu huɗu ta koma huɗu.

Hanyar da ta fi aminci ita ce kwafi biyu. Na farko ya fito da abin da ke takardar, har da kurakuranta. Na biyu shi ne gyararre: Hausa bisa dokar 1999, Ingilishi bisa ƙamus nasa, a kuma ja wa kalmominsa layi. Inda shafin bai warware harshen kalma ba, a sa alamar tambaya, a bar ta yadda take. Masu tsara yaƙi da jahilci a kwafi na farko za su ga inda hannun ɗalibi yake tuntuɓe. Masu haɗa ƙamus kuwa, daga kalmomin da aka ja wa layi za su ware waɗanda mutanen Gazawa suke rubutawa da Ingilishi amma suke furtawa da Hausa.