Aya da Kuɗin Cefane: Nazari kan Nasihar Zaman Sulhu

Nasihar da ake yi wa ma'aurata masu saɓani dabam take da wa'azin ɗaurin aure ko na walima. A walima malami yana magana ne da taron da babu wanda ya zo da ciwo, kowa ya ɗauki abin da ya yi masa ya bar saura. A zaman sulhu kuwa, ko a zauren mai unguwa ne, ko a soron limami, ko a ofishin Hisba irin ta Kano da aka kafa da doka a 2003, mutum biyu ne a gabansa, kowanne ya kasa kunne yana jiran ya ji ɓangaren da malam zai ɗauka. Duk ayar da ta fito daga bakin malam, ɗayansu zai ɗauke ta a matsayin hukuncin da aka yanke a kansa, ɗayan kuma ya adana ta don ranar da faɗa zai sake tashi. Shi ya sa yawan ayoyi ko ƙarancinsu ba shi ne ma'aunin wannan nasiha ba. Abin dubawa shi ne lokacin da aka kawo aya, da wanda aka nufa da ita, da ko an bambance ta da shawarar malamin kansa.

Tsarin da aka saba ji kusan ɗaya ne. A buɗe da salati, a kawo aya ta 21 ta Suratur Rum mai zancen natsuwa da ƙauna da jinƙai tsakanin ma'aurata, a bi da aya ta 34 ta Suratun Nisa'i kan shugabancin miji, a jero hadisan biyayya, a taɓa miji kaɗan da aya ta 19 ta wannan sura kan kyautata zama, a ce kowa ya yi haƙuri, a shafa Fatiha. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Sai dai an yi shi tun kafin a san abin da ya haɗa su, don haka zai dace da kowane gida, kuma bai taɓa ciwon gidan da ke zaune a gaban malam ba. Alamar hakan a fili take: matar ta sunkuyar da kai tana wasa da gefen hijabinta, mijin yana ta "haka ne, Allah gafarta Malam", kafin wata ya zagayo ta sake yin yaji.

Abin mamaki, nassin da ake jawowa shi kansa ya fi haka shiga cikin lissafin gida. Aya ta 35 ta Suratun Nisa'i, wadda ita ce tushen zaman sulhun, tsari ta shimfiɗa: idan an ji tsoron ɓaraka, a ɗauko mai sasantawa ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. Wato mutanen da suka san gidan, suka san wa ke da zafin rai, suka san abin da ke shigowa aljihu. A mazhabar Malikiyya ma waɗannan biyun suna da ikon raba auren idan suka ga gyara ya gagara. Aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta ɗaura ciyarwa a kan gwargwadon ƙarfin miji, littattafan fiƙihu irin su Mukhtasar na Khalil kuma suna auna ta da halin ma'auratan da al'adar gari. Duk wanda ya karanta wannan aya bai tambayi nawa mijin yake samu ba, ya tsaya ne a rabin aiki.

A ɗauki misali. Direban a-daidaita-sahu ne da matarsa da 'ya'ya uku a gidan haya. Ƙorafinsa: ta raina shi, tana ɗaga masa murya gaban yara, ta tafi gidansu ba da izninsa ba. Idan malam ya tsaya a nan, yana da ayoyi da hadisai da za su ishe shi har la'asar, dukkansu kuma a kanta za su sauka. Wanda ya san aikin yakan fara jin kowa shi kaɗai, matar tare da waliyyinta ko wata babba, domin akwai abin da ba za ta iya faɗa a gaban miji da surukai ba. Sai ya yi tambayoyin da ba su yi kama da wa'azi ba. Nawa yake bari da safe? A ce naira dubu biyu. Akwai hatsi a gida ko kullum sai an auno? Kullum sai an auno. Wa ke sayen ruwa da gawayi? Daga cikin dubu biyun. Ranar da ya makara bai bar komai ba fa? Tana cin bashi a wajen mai shago, ko ta taɓa jarin ƙullin kayan miyar da take sayarwa. A nan ne za a gano cewa ranar faɗan, mai shago ne ya aiko yaro ya yi sallama a gaban matan gida yana neman kuɗinsa.

Sai a juya ga mijin. Bayan ya cire balas na mai mashin da kuɗin mai, a ce dubu shida ke saura a rana mai kyau, ranar da mashin ya lalace kuma babu ko sisi. Yana zubin adashi dubu biyu don haya, yana aika wa mahaifiyarsa wani abu, kuma bai taɓa gaya wa matar ko ɗaya daga cikin wannan ba, don a ganinsa namiji ba ya buɗe wa mace aljihunsa. Ita kuwa ta ɗauka aure yake tari.

Yanzu ne aya ke da wurin zama, kuma ɗaya ko biyu sun isa. Malam zai ce da mijin: "Malam, ciyarwa wajibi ce a kanka, ba taimako kake yi mata ba, kuma kuɗin sana'arta nata ne. Abin da ta kashe daga jarinta, sai dai in ta yafe." Ya kafa hujja da hadisin Hindu 'yar Utba da ke cikin Buhari da Muslim, wadda ta kai ƙarar maƙon mijinta Abu Sufyan, Annabi (SAW) bai kore ta da cewa ta tona asirin miji ba, ya ba ta izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da 'ya'yanta daidai misali. Sannan ya ce da matar: "'Yata, Allah bai ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ba, kuma tsawa a gaban yara ba ta cikin haƙƙinki." Kowa ya samu nasa, babu wanda ya fita da makami shi kaɗai.

Abin da ya biyo baya shawara ce, kuma ya kamata a kira ta da sunanta. A riƙa auno masara ko shinkafa ta mako ranar da kasuwa ta yi kyau, don kuɗin safe ya zama na miya kawai. A biya mai shago a kashi uku, mijin da kansa zai je. Ta san ranar kwasar adashi da abin da za a yi da shi. In rai ya ɓaci, a bari sai yara sun yi barci. A dawo bayan mako biyu tare da kawunta da yayansa a ji inda aka kwana. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba wahayi ba ne, kuma suna iya cewa wannan bai yi mana ba, a canza.

Wannan bambanci tsakanin umarni da shawara yana da asali mai ƙarfi, amma da wuya ka ji an kawo shi a zaure. Barira baiwa ce da aka 'yanta, ta zaɓi rabuwa da mijinta Mugis, shi kuwa yana bin ta a titunan Madina yana kuka. Annabi (SAW) ya yi mata maganar ta koma, sai ta tambaya ko umarni ne. Da ya nuna mata ceto kawai yake yi, ta ce ba ta bukata, aka kuma ƙyale ta. Buhari ya ruwaito wannan. Malamin da ke haɗa ayar Alƙur'ani da ra'ayinsa cikin numfashi ɗaya, da murya ɗaya, har mai sauraro ya kasa gane inda maganar Allah ta ƙare ta malam ta fara, ya toshe wa mace ƙofar tambayar da Barira ta yi. In ta ce shawarar ba ta yi mata ba, sai a ce ta ja da aya.

Karkatar da nassi zuwa gefe ɗaya tsohon ciwo ne a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Nurul Albab ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, suna jaddada musu biyayya ga miji ba tare da koya musu abin da Allah ya wajabta ba. Har yau hanya mai sauƙi ta gane ko nasiha ta daidaita ita ce a ƙirga: nassi nawa aka nufi mata da shi, nawa aka nufi miji? Sau da yawa za ka ga ita ta sha biyar, shi kuma an ce masa "kai ma a riƙa sassautawa". Aya ta 128 ta Suratun Nisa'i, wadda ke magana kan mijin da ya juya wa matarsa baya, tana cikin surar da ake yawan ɗauko ta 34, amma ba kasafai ake isa gare ta ba.

Shawarar da babu nassi a cikinta ma tana da nata aibin. Akwai masu nasihar rediyo da waya da suka mai da gyaran aure zancen girki da turaren wuta da kayan mata, kamar dai duk mijin da ya daina cefane miya ce ba ta yi masa daɗi ba. Irin wannan shawara ba ta da wurin tsayawa in aka zo kan haƙƙi. Tsakanin kishiyoyi, misali, dabara ba ta maye gurbin hukuncin rabon kwana: ko bibbiyu ake yi kamar yadda aka saba a gidajenmu ko ɗaiɗai, daidaitawa wajibi ce, kuma nassi ne kaɗai ke iya tsayar da mijin da ya ga amarya ta fi masa.

Akwai kuma inda hukunci ne ke gaba da komai. Idan mijin ya furta saki, ba a fara da "ku yi haƙuri". Sai an tantance me ya ce, da baki ko a takarda, na nawa ne, tana cikin tsarki ko al'ada, idda ta ƙare ko da saura, domin aya ta 229 ta Suratul Baƙara ta iyakance sakin da ake kome a biyu, aya ta farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ kuma ta hana fitar da mace daga ɗakinta a cikin idda, abin da al'adarmu ta "tattara ki tafi gidanku" ta saɓa wa. Mai sulhun da ya mai da mace ɗakinta bayan saki na uku don tausayin yara ya jefa su cikin abin da ya fi rabuwar muni.

Haka nan idan akwai duka da rauni. Ayoyin haƙuri a wannan wuri suna iya zama igiyar da za a mai da mace inda za a ƙara ji mata ciwo. A nan abin da ke kan malam shi ne ya sa ta zauna a gidansu tukuna, a kai ta asibiti a samu takardar likita, a nemi maƙwabtan da suka gani ko suka ji, sannan ya gaya wa waliyyinta a fili cewa fiƙihun Malikiyya ya ba alƙali ikon raba aure saboda cutarwa idan ta tabbata, ba tare da an ce ta mai da sadaki kamar a hul'i ba. Yawancin iyaye ba su san wannan bambanci ba, sukan sayar da akuya ko keken ɗinki su biya kuɗin da shari'a ba ta ɗora musu ba.